Lafiya Lau da Na Ce wa Mai Gwajin Ido

A Sabon Layi an san ni da abu biyu, saurin fushi da iya rubuta wasiƙa. Shekara talatin da wani abu na yi ina aikin akawu a makarantar sakandare, kuma ko da na yi ritaya alƙalamina bai huta ba. Wanda transifomar layinsu ta ƙone, wanda aka riƙe wa takardar ɗansa, duk ƙofata suke zuwa. Ni ne kuma sakataren ƙungiyar 'yan fansho ta yankinmu. In na rubuta wa mutum wasiƙa, sai ya karanta sau biyu kafin ya zauna. Ina alfahari da hakan ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

A cikin duk wasiƙun da na rubuta a rayuwata, guda ɗaya ce nake fatan da hannuna ya shanye kafin in sa mata hannu. Ita ce wadda na kai wani shagon tabarau da ke hanyar kasuwa.

Abin ya fara ne da ƙishirwa da yawan fitsari, sai rama, sai kuma ido ya fara yi mini hazo. Maiɗakina ta matsa mini har na je asibiti. Aka ɗebi jini, likita ya duba takarda ya dube ni, ya ce ciwon suga ne, kuma ya hau sosai. Ya rubuta mini ƙwayoyi, ya jero mini abin da zan bari, har da shayin safe mai sukari cokali uku. Na yi masa maganar ido, ya ce, “Malam, idon ma sugan ne yake taɓa shi. Kada ka yi gaggawar yin tabarau, ka bari ya sauka ya daidaita tukuna.” Na ji shi sarai da kunnena. Amma a raina na ce yaron nan me ya sani, ni da ba na iya gane lambar keke napep sai ta zo gabana.

Na hana maiɗakina gaya wa kowa, har 'ya'yanmu. A majalisarmu na sha jin yadda ake yi da wanda aka ce yana da suga. Da ya tashi ya ba da baya sai a fara ƙus-ƙus, a ce ai wane ya gama aiki, sai dai gadin gida. Ni ma na yi dariyar da bakina, ba sau ɗaya ba. Yanzu kuma a ce ni ne za a yi wa? Ina!

Kwana huɗu da fara shan magani na shirya zuwa shagon tabarau. Sai ga taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, dillalin shanu ne a tike, kasuwar dabbobi. Mutumin nan bakinsa ba ya riƙe ko ruwa. Abin da ya ji da safe, kafin azahar duk wanda ya sayi akuya a garin nan ya ji shi. Ya ce zai raka ni don kada in faɗa kwata, tunda na makance. Na zage shi ya zage ni, muka hau keke ɗaya muka tafi.

Shagon ba shi da girma. Gaba akwai akwatunan gilashi cike da firam ɗin tabarau, baya kuma wani ɗan ɗaki da labule, nan ake gwaji. Mai gwajin mace ce, za ta yi shekara talatin da biyar, daga wajen Michika take. Hausarta irin ta yawancin mutanen garin nan ce, ta ce wa mace “ya zo” ba ta damu ba. Ta gaishe ni da ladabi, ta zaunar da ni, ta ɗauko kati da biro. Taubashina bai tsaya a waje ba, ya kutso kai ya ja kujera ya zauna a gefena kamar shi za a gwada.

Ta tambayi shekaruna, ta tambayi aikina, ta tambayi ko na taɓa sa tabarau. Sannan ta ce, “Baba, akwai ciwon suga ko hawan jini? Kana shan wani magani?”

Na ji idon taubashina a kan kunnena. Na ce, “Lafiya lau, alhamdu lillahi.”

Ta ɗago kai. “Babu ko ɗaya?”

“Lafiya lau nake, 'yata.”

Mu dai haka muka tashi. Mutum yana kwance rai a hannun Allah, ka ce masa yaya jiki, ya ce da sauƙi. A ranar na gaya wa kaina cewa gaisuwa na amsa, ba ƙarya na yi ba. Ita kuwa tambaya ta yi mini ta aiki, ta sa alama a katinta ta ci gaba.

Ta ɗora mini wani firam mai nauyi na ƙarfe, tana zura ƙananan gilasai tana cirewa, ina karanta haruffan da ke jikin allo. “Wannan ya fi, ko wannan?” Ta yi ta yi ba ta gaji ba, ta rufe ido ɗaya ta gwada ɗaya, ta haska mini fitila, ta ba ni ƙaramin rubutu in karanta a hannu, ta auna tazarar ƙwayar idona da ɗan ma'auni. Ya kai minti arba'in. A ƙarshe na karanta layin ƙasa tsaf, har taubashina ya ce to, makaho ya warke. Ta ce za a yi mini mai hawa biyu, sama na ganin nesa, ƙasa na karatu, kuma a Yola ake yanka gilashin, sai bayan mako biyu.

A cikin mako biyun nan ina shan magani, na bar shayi mai zaƙi, ƙishirwa ta ragu. Har na lura hazon ya fara canza kama, amma ban kawo komai a raina ba. Ranar da na karɓi tabarau na sa, sai na ji ƙasa ta ɗan matso. Ta ce sabon mai hawa biyu yakan yi haka, in ba shi mako guda ido ya saba, in kuma bai bari ba in dawo.

Bai bari ba. Kai, ban taɓa ciwon kai irin wannan ba! Daga tsakanin gira yake farawa ya zagaya ƙeya, kamar an ɗaura mini rawani an ja da ƙarfi. In na ɗauki Alƙur'ani bayan asuba, kafin in gama shafi haruffa sun fara rawa. Sau biyu ina tuntuɓe a matakalar masallaci. Na koma shagon, ta ɗumama ƙafafun firam ɗin ta lanƙwasa, ta gyara inda yake zama a karan hanci, ta ce in ƙara kwana uku. Ta sake tambayata ko akwai abin da ya canza a jikina. Na ce babu, na fita ina huci.

Maiɗakina ce ta fara faɗa mini gaskiya. Ina zaune na dafe kai ta ce, “Malam, ba likita ya ce ka jira ba?” Na daka mata tsawa, na ce ita da ba ta san bambancin gilashin ido da na taga ba ta rufe mini baki. Ta rufe. Na ɗauko takarda da biro bayan la'asar, kaina yana sarawa, na zauna a zaure.

Da Turanci na rubuta, irin na ofis, mai sa gwiwar mutum ta yi sanyi. Na faɗi ranar da aka gwada ni da ranar da na karɓa. Na bayyana ciwon kan, da tuntuɓen, da gyaran da aka yi bai yi amfani ba. Na nemi a sake duba tabarau, in gyara zai yi a gyara, in ba zai yi ba a sake mini sabo kyauta, tunda ba laifina ba ne. Da na tsaya a nan, da wasiƙa ce irin wadda kowane mai saye yake da haƙƙin rubutawa. Amma alƙalami ya yi mini daɗi. Na ƙara cewa ma'aikaciyarsu ta yi gwajin a gurguje, hankalinta yana wani wuri, kuma ko tambayar lafiyata ba ta yi ba. A ƙasa na sa muƙamina na sakataren 'yan fansho, na ce mambobinmu da yawa a nan suke yin tabarau, kuma zan ga ya dace in sanar da su abin da ya same ni.

Na san ƙarya ce lokacin da nake rubuta ta. Na tsaya a kan layin nan, biro a sama. Sai na ce ai don a ɗauki maganar da muhimmanci ne, ba wanda zai mutu. Na karanta ta daga sama har ƙasa, ta yi mini kyau, na sa hannu.

Bayan kwana biyu mai shagon ya kira ni a waya. Wani Alhaji ne ɗan kasuwa, ba ya gwajin ido, shi dai ya zuba jari ya ɗauki ma'aikata. Da na isa ya taso har bakin ƙofa ya tarbe ni, wasiƙata a hannunsa, yana ta ba ni haƙuri. Akwai mutane uku a kan benci suna jira, ɗaya ma tsohon ɗalibin makarantarmu ne, ya durƙusa ya gaishe ni.

Mai gwajin ta karɓi tabarau ta sa a wata na'ura mai kama da madubin likita, ta leƙa, ta gwada da lambobin da ke katina. Ta ce gilashin daidai yake da abin da ta rubuta, masu yankawa ba su yi kuskure ba. Ta auna tsakiyar gilashin da tazarar idona, shi ma daidai. Alhaji ya ce, “To, in ba daga Yola ba ne, daga wa ke nan?” Sai ta ce in shigo ta sake gwada ni.

Na zauna a kujerar nan, ta ɗora mini firam ɗin ƙarfe. Alhaji ya tsaya a bakin labule, ya ɗage shi da hannu ɗaya, waɗanda ke benci suna jin komai. Wannan ya fi, ko wannan.  Da ta gama ta daɗe tana kallon katin.

Ta ce, “Alhaji, idon ya canza da yawa. Mako huɗu kawai. Idon babban mutum ba ya canzawa haka da kansa.”

Sai ta juyo gare ni, ta rage murya yadda ta iya. “Baba, don Allah. Ko an taɓa gwada maka suga? In suga ya hau ko yana sauka, lambar ido tana canzawa. Ba abin kunya ba ne.”

Wallahi ta buɗe mini ƙofa, ta riƙe mini ita. Kalma ɗaya ce kawai. Amma ga Alhaji riƙe da wasiƙar da na ce ba a tambaye ni komai ba, ga ɗalibina a benci. In na ce e, na zama maƙaryaci mai ciwon suga a gaban mutum biyar. Na gyara zama na ce, “Ni lafiya lau nake. Kada ki ɗora mini ciwo don ki rufe kuskurenki.”

Ta nuna wa Alhaji katin farko, inda ta sa alamar babu a gaban suga da hawan jini, ta ce ga shi ta tambaya. Alhaji ya ce alama kowa yana iya sa ta, dattijo kamar wannan ba zai zauna ya rubuta ƙarya ba. Ta kalle ni. Ba harara ba ce, da harara ce ma da na fi samun sauƙi. Kallo ne na wanda ya gane komai kuma ya yanke shawarar ba zai faɗa ba. Na mai da idona kan allon haruffa.

Alhaji ya ce a sake mini sabo kyauta, a aika Yola yau. Ta ce a'a, a bari in dawo bayan mako uku ta sake gwadawa, in lambar ta tsaya wuri ɗaya sannan a yanka, in ba haka ba ciwon kan zai dawo. Kafin nan in ajiye wannan in daina sawa. Alhaji ya ce ta ga dama, amma ta sani wannan ne aikinta na ƙarshe a shagonsa, ba zai rasa 'yan fansho saboda mutum ɗaya ba. Na ji shi da kunnena. Na ce a raina barazana ce irin ta masu shago, na ɗauki hulata na fita.

Na dawo bayan mako uku ta gwada ni, ba ta ce mini komai ba sai wannan ya fi ko wannan. Lambar ta tsaya. Da na zo karɓar sabon tabarau, wani mutum ne ya miƙo mini, mai ƙaramin gemu. Na tambaye shi ina matar nan, ya ce ta bar aiki ƙarshen wata.

Tabarau kuwa ya yi. Kai, ya yi! Ina ganin duwatsun da ke bayan gari har da layin gonaki a jikinsu, ina karanta ƙaramin rubutun da ke jikin kwalin magani. Ciwon kai ya tafi kamar ba a taɓa yi ba. Da maiɗakina ta ji an sallami matar, sai ta ajiye mini kunun da ba sukari ta koma ɗaki, kuma kwana biyu ba ta zauna cin abinci kusa da ni ba.

Wata biyar na yi ina gaya wa kaina cewa mai sana'a irin tata ba ta rasa aiki. Duk wata ina zuwa asibiti ranar masu suga, ina sammako don in riga mutane, in zauna a ƙarshen benci da katina a cikin aljihu. Ranar nan an kira lambata na tashi, kati a hannu, sai ga ta tana shigowa riƙe da hannun wata tsohuwa. Mahaifiyarta ce, ita ma mai suga. Babu inda zan ɓuya, layin nan na masu ciwo ɗaya ne, kowa ya sani.

Ta zaunar da tsohuwar, ta zo ta ɗan rusuna. “Baba, ina kwana. Yaya tabarau, ya daina sa ciwon kai?”

Na ce ya daina. Ta ce madalla. Ta dubi katin da ke hannuna sau ɗaya, ba ta nuna mamaki ba ko kaɗan. Sannan ta ce, “Yaya jiki?”

Bakina ya buɗe zai ce lafiya lau, don ya saba. Na kasa. Ma'aikaciyar jinya tana ta kiran lambata. Da ƙyar na ce, “Ina kike aiki yanzu?” Ta ce ba ta samu ba tukuna. Shagunan ido a garin ba su da yawa, kuma masu su sun san juna, labari ya riga ta zuwa cewa ta lalata wa wani dattijo ido. Ta nemi wani wuri a Yola, sun ce ta kawo takardar shaida daga inda ta bari, Alhaji kuma ya ƙi ba ta. Yanzu tana taya yayarta sayar da atamfa. Ta faɗi wannan duka ba tare da ta ɗaga murya ba, sannan ta ce in shiga kada a tsallake ni, kuma in riƙa bari ana duba bayan idona duk shekara, masu suga suna bukatar hakan.

Ban san abin da likita ya ce mini a ranar ba. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yaro.

Wasiƙa ta biyu layi tara ce, amma kwana uku na yi ina rubuta ta. Ni da nake cika shafi biyu kafin shayi ya huce! Babu Turancin ofis a ciki. Na ce ina da ciwon suga tun kafin a gwada ni, likita ya hana ni yin tabarau na ƙi ji, ma'aikaciyarsu ta tambaye ni har sau uku na ɓoye, kuma abin da na rubuta a kanta ƙarya ne. Na roƙi a mai da ita aiki, in ba hali a ba ta takardar shaida mai kyau. Na ce tabarau na biyu ba haƙƙina ba ne, zan biya.

Alhaji ya karanta a tsaye. Ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar. Ya ce, “Haba Malam. Haba Malam.” Ya fi sau huɗu yana faɗa. Ya ce takardar shaida zai rubuta yau, amma aiki ya riga ya ba wani, shi ma da iyalinsa, ba zai kore shi ba gaira ba dalili ba. Na kai mata takardar da kaina a rumfar atamfa. Ta karɓa da hannu biyu ta ce na gode, Baba. Na ce ta yafe mini. Ta ce Allah ya yafe mana duka, sai wata mai saye ta zo ta juya wurinta. Gurbin Yola kuwa an riga an cike shi tun tuni.

Tunda da sunan 'yan fansho na yi barazana, na ga dole su ma su ji. A taronmu na wata na tashi na karanta wasiƙar ta biyu da ƙarfi. Daga nan na wuce tike, na sami taubashina a ƙarƙashin rumfa yana cinikin wani bijimi, na ja shi gefe. Gara ya ji daga bakina, ya yi dariyarsa ya gama. Na gaya masa komai, na ce saboda bakinka na yi shiru a ranar nan, ga abin da ya jawo.

Bai yi dariya ba. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya ciro wani ɗan fakitin magani da ya lanƙwashe, ya ɗora mini a tafin hannu. Na ɗaga shi, na duba ta ƙasan tabarau, wurin karatu. Rubutun ƙanana ne, amma na karanta shi tsaf. Irin ƙwayar da nake sha ce, har ƙarfinta ɗaya.

Ya ce, “Shekara huɗu ke nan. Ranar da ta tambaye ka, ni gabana ne ya faɗi, na ɗauka ni za ta juyo ta tambaya.”

Na mayar masa da maganinsa. Matar nan har yau tana rumfar atamfa, ina wucewa ta gabanta duk ranar da zan je karɓar fansho, kuma daga tsallaken titi nake gane fuskarta.